Yadda ake lissafin nitsewar tushen gini a kan laka, daga rana ta farko har shekara talatin

'Yan uwa masu aikin gini daga Wad Madani zuwa Sinnar da Mai Wurno, musamman ku matasan muhandisai da ake miƙa wa takardar gwajin ƙasa a ce ku fitar da girman ga'ida, wato faifan kankaren da ginshiƙi ke tsayawa a kai a cikin ƙasa, wannan bayanin naku ne. Abin da na lura shi ne yawancin mu muna duba ko ƙasar za ta iya ɗaukar nauyin, idan ta ɗauka shikenan sai mukawil ya fara ɗaura sikh, ba wanda ya tambaya milimita nawa ginin zai sauka kuma a cikin shekara nawa. Alhali a kan laka mai taushi tsagar bango tana zuwa ne ta wannan ƙofar, tun ƙasar ba ta kai ga gazawa ba.

Kafin komai ka san wace laka ce a gabanka. Baƙar lakar Jazira da ke tsagewa da rani, wadda ƙafa ke iya faɗawa cikin tsagarta, a busasshiyar siffarta matsalarta kumbura ce, ruwan damina ko famfo mai yoyo ya shige ta sai ta ɗaga ginin sama, wannan lissafinsa daban ne kuma gwajinsa daban. Ni ina magana ne a kan laka da ta ƙoshi da ruwa, irin wadda ake samu a filayen bakin kogin Nilu da wuraren da ruwan ƙasa yake kusa, inda kana tona rami ruwa yana tsattsafowa. A nan ne nitsewa take kashi uku: ta nan take, ta matsewa wato konsolideshan, sai ta baya wadda ke ci gaba a hankali bayan ruwan ya gama fita.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, alƙaluman na misali ne, kai sai ka sa naka. Ga'ida ce mita 2 da mita 2, an kafa ta a zurfin mita 1.5, ruwan ƙasa ma yana daidai wannan zurfin. Ƙarin nauyin da ginshiƙi ya kawo, bayan an cire nauyin ƙasar da aka tone, 400 kN ne, ka raba da faɗin mita 4 murabba'i ka sami q = 100 kPa. Ƙarƙashin ga'idar akwai laka mai kaurin mita 4, a ƙasanta kuma yashi mai ƙarfi. Daga ɗakin gwaji an ba mu: nauyin ƙasar sama 18 kN a kowace mita kubik, na lakar 19, ƙarfin lakar ba tare da fitar ruwa ba cu = 50 kPa, e0 = 0.90, wato girman guraben da ke tsakanin ƙwayoyin lakar a raba da girman ƙwayoyin kansu kafin gini, Cc = 0.30 da Cr = 0.05, lambobin da ke nuna yadda lakar ke matsewa, sai lamba mafi muhimmanci a duk takardar, σ'p = 80 kPa. Za mu dawo kanta.

Mataki na farko, nitsewar nan take. Wannan tana faruwa ne ana kan gini, ana zuba sagaf ana ɗora bulo, ruwan da ke cikin lakar bai samu lokacin fita ba saboda haka girman lakar bai ragu ba, kawai dai ta loɓa a ƙarƙashin ga'idar ta ture gefe. Shi ya sa ake ɗaukar ν, lambar da ke nuna yawan turawa gefe, a matsayin 0.5.

```
Si = q × B × (1 − ν²) × I / Eu
```

B shi ne faɗin ga'ida, I kuma lamba ce ta siffa, ga ga'ida mai kusurwa huɗu daidai wadda ba ta lanƙwasa ana ɗaukar kusan 0.82. Wahalar tana wajen Eu, ma'aunin taurin lakar lokacin da ruwa bai fita ba, domin samfurin da aka ciro daga rami ya riga ya ɗan wahala, in ka auna Eu a kansa kai tsaye sai ya ba ka ƙasa da gaskiya. Shi ya sa aka fi ƙiyasta shi daga cu, a ninka da wata lamba da ke raguwa idan lakar tana da danƙo sosai. Mu ɗauki sau 300, wato 15000 kPa. Toh 100 sau 2 sau 0.75 sau 0.82 ya ba da 123, a raba da 15000, 0.0082 kenan, milimita 8. Wannan tsarin yana ɗauka cewa lakar ba ta da iyaka a zurfi, tamu kuwa mita 4 ce kawai, in ka je jadawalin Janbu da abokan aikinsa na 1956 wanda Christian da Carrier suka gyara a 1978 za ka ga amsar ta ɗan sauka zuwa wajen 6 ko 7. Ni zan bar ta a 8. Kada ka ɓata yini a kan wannan kashin, Eu ɗin da kansa ƙiyasi ne, kuma mafi yawan wannan nitsewar ta gama faruwa kafin a yi filasta.

Mataki na biyu shi ne inda aikin yake. Laka mai ƙoshi da ruwa kamar soson katifa ne jiƙaƙƙe da aka naɗe a leda mai 'yan ƙananan huji, ka zauna a kai da farko ruwan ne ke ɗauke da kai, sai a hankali yana tsiyaya soson yana karɓar nauyin yana matsewa. Terzaghi ne ya tsara lissafin wannan a shekarun 1920, kuma har yau shi muke amfani da shi. Alƙaluman suna fitowa daga gwajin odomita: ana yanko 'yar faifan laka kaurinta kusan milimita 20 a cikin zoben ƙarfe, dutse mai tsotsar ruwa sama da ƙasa, a nutsar a ruwa, a ɗora nauyi a bar shi awa 24 ana karanta agogon ma'auni, gobe a ninka nauyin, haka har sama da mako guda. In ka zana sakamakon, e a tsaye, matsin a kwance a ma'aunin log, za ka ga layin ya fara tafiya kusan a miƙe yana ɗan gangara kaɗan, sai ya kai wani wuri ya karya ya gangara sosai. Gangaren farko shi ne Cr, na biyu Cc, wurin karyewar kuma shi ne σ'p, ana fitar da shi da zanen Casagrande na 1936. Ma'anarsa ita ce matsi mafi girma da lakar ta taɓa gani a tarihinta, ko daga ƙasar da ta taɓa danne ta ruwa ya kwashe, ko daga bushewar rana wadda a ƙasarmu ita ce ke taurara lakar sama. Muddin ba ka wuce wannan matsin ba lakar tana matsewa kaɗan ne, da ka wuce kuwa, a misalinmu, kowane taku ya ninka sau shida, 0.30 a kan 0.05.

Yanzu raba lakar gida huɗu, kowane mita 1, kuma ka yi lissafi a tsakiyar kowane gida, wato a zurfin 0.5 da 1.5 da 2.5 da 3.5 ƙasa da ga'idar. Abu biyu kake nema a kowane wuri. Na farko matsin da ƙwayoyin ƙasa ke ɗauke da shi tun kafin gini, σ'0. Ƙasar sama 18 sau 1.5 ya ba da 27, daga nan ƙasa muna cikin ruwa saboda haka 19 a cire 9.8, saura 9.2 a kowace mita. Sai ka sami 31.6, 40.8, 50 da 59.2 kPa. Nan ne ake yawan zamewa, mutum ya manta bai cire nauyin ruwa ba, σ'0 ya fito babba, nitsewar ta fito ƙarama a takarda. Na biyu ƙarin matsin da ginin ya kawo, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauka nauyin yana bazuwa taku ɗaya gefe a kowane taku biyu ƙasa, Q shi ne nauyin da ginshiƙi ya kawo, z kuma zurfi ƙasa da ga'idar:

```
Δσ = Q / (B + z)²
```

A gida na farko 400 a raba da 2.5 sau 2.5, 64 kenan. Sauran su ne 32.7, 19.8 da 13.2. Mai son daidaito ya yi da jadawalin Boussinesq, zai fi kyau ma a gidan farko domin a tsakiyar ga'ida daf da ƙasanta wannan hanyar tana rage lamba, amma don lissafin hannu ta isa ta nuna maka inda ka dosa. Haɗa biyun ka sami matsin ƙarshe, σ'f: 95.6, 73.5, 69.8, 72.4. Kwatanta da 80. Ka ga gida na farko ne kaɗai ya tsallake, sauran ukun suna ƙasa.

Ga waɗanda ba su tsallake ba:

```
S = H / (1 + e0) × Cr × log(σ'f / σ'0)
```

Ga wanda ya tsallake kuma tafiyar kashi biyu ce:

```
S = H / (1 + e0) × [Cr × log(σ'p / σ'0) + Cc × log(σ'f / σ'p)]
```

Log ɗin na tushe 10 ne, duba madannin da ka taɓa a kalkuleta, in ka danna ln amsar za ta kumbura sau 2.3. H ɗin, kaurin gida ɗaya, milimita 1000 ne, a raba da 1.9 ya ba da 526. A gidan farko, daga 31.6 zuwa 80 log ɗin 0.403 ne, sau 0.05 sau 526, milimita 10.6. Daga 80 zuwa 95.6 log ɗin 0.077 ne kawai, amma sau 0.30 sau 526 ya ba da milimita 12.2. Tsaya ka kalli wannan da kyau don Allah: kPa 48 na farko sun kawo 10.6, 'yan kPa 16 da suka haura layin sun kawo 12.2, sun fi su. Jimillar gidan farko 22.8. Sauran ukun 6.7, 3.8 da 2.3, gaba ɗaya wajen milimita 36.

Akwai hanyoyi biyu da ake ɓata wannan lissafin kuma duka ina ganinsu a takardun da ke yawo. Wani zai ɗauki duk mita huɗun a matsayin gida ɗaya ya lissafa a tsakiya, a can Δσ 25 ne, σ'0 45.4, matsin ƙarshe 70.4 bai kai 80 ba, sai ya sami milimita 20 ya ce lafiya lau, gidan saman da ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na matsalar ya ɓace masa gaba ɗaya. Wani kuma takardar ba ta ba shi σ'p ba sai ya sa Cc ko'ina, ya sami milimita 153, ya tsorata mai gida ya tura shi zuwa labsha, faifan kankare ɗaya a ƙarƙashin duk ginin, ko hawazik, turakun da ake kafawa can cikin ƙasa, da kuɗin da ba shi da su. Daga 20 zuwa 153 a kan ƙasa ɗaya da nauyi ɗaya. Shi ya sa in ɗakin gwaji ya ba ka Cc kaɗai ba tare da zanen ba, ka koma ka nemi zanen. Kuma ka dube shi da idonka, in layin ya yi lanƙwasa mai santsi babu wurin karyewa bayyananne, alama ce samfurin ya dagule, wataƙila an buga bututun ɗaukar samfurin da guduma maimakon a tura shi a hankali, ko ba a toshe bakinsa da kakin zuma ba ya kwana cikin zafin bayan mota ya bushe. Dagulallen samfur yana rage σ'p yana rage Cc yana ƙara Cr, duka ukun sun tashi daga gaskiya.

Saura gyara ɗaya. A cikin zoben odomita lakar ba ta da hanyar turawa gefe, a ƙarƙashin ƙaramar ga'ida kuwa tana da ita, don haka matsin ruwan da ke tashi bai kai Δσ ba. Skempton da Bjerrum a 1957 suka kawo lambar ragi, ga laka da ba ta taɓa ganin matsi fiye da na yanzu ba tsakanin 0.7 da 1.0, ga wadda ta taɓa gani daidai gwargwado 0.5 zuwa 0.7. Tamu tana kan iyaka, mu ɗauki 0.7, 36 ta koma milimita 25. In lakarka mai laushi ce sosai irin wadda yatsa ke shiga ba wahala, kada ka rage komai.

Mai gida zai tambaye ka yaushe abin zai tsaya, kuma yana da gaskiya domin shi ke son sanin lokacin saka tayil.

```
t = Tv × d² / cv
```

Tv lamba ce tsayayya, 0.197 ga rabin matsewa, 0.848 ga kashi 90 cikin ɗari. cv, ma'aunin saurin matsewar lakar, daga gwajin yake, mu ce mita murabba'i 1.5 a shekara. d kuma ita ce tafiya mafi nisa da ɗigon ruwa zai yi kafin ya samu mafita. In akwai yashi a ƙasa kuma sama ma ruwa na iya fita, d rabin kauri ne, mita 2. Rabin nitsewar zai ɗauki 0.197 sau 4 a raba da 1.5, wata shida da ɗan wani abu, kashi 90 kuma shekara biyu da wata uku. Amma da a ce ƙasan dutse ne ko wata laka mai tauri, d ta zama 4, kuma tunda ana ninka ta da kanta lokacin ya ninka sau huɗu, shekara tara. Saboda haka ramin gwajin ya ratsa lakar har ya ga abin da ke ƙasanta. A zahiri ƙaramar ga'ida takan fi wannan sauri, ruwa yana fita ta gefe kuma lakar bakin kogi tana da siraran layukan yashi da ambaliya ta shimfiɗa shekara bayan shekara, waɗanda 'yar faifan milimita 20 ba za ta nuna ba. Ka ɗauki lokacin a matsayin iyakar sama.

Mataki na uku, nitsewar baya. Ruwan ya gama fita, matsin ya tsaya cak, amma ƙwayoyin lakar suna ci gaba da gyara zama a tsakaninsu a hankali. A zanen odomita ita ce wutsiyar layin da ke ci gaba da gangara bayan babbar lanƙwasar ta ƙare, gangarenta shi ne Cα.

```
Ss = H / (1 + ep) × Cα × log(t2 / t1)
```

t1 lokacin da matsewa ta ƙare, t2 shekarun da kake son ginin ya yi, ep kuma e ce bayan matsewa. In ba a auna Cα ba, aikin Mesri ya nuna cewa a laka marar ruɓaɓɓen ganye Cα kusan 0.04 ne na Cc, a mai ruɓaɓɓen abu 0.05. Abin lura shi ne gangaren da za ka ninka shi ne wanda lakar take kai a matsinta na ƙarshe. Gidan farko ya haura 80, yana kan Cc, don haka Cα = 0.012. Sauran ukun suna kan Cr, nasu 0.002. Mu ɗauki t1 shekara 3, t2 shekara 30, log na 10 shi ne 1, lissafin ya yi sauƙi. Gidan farko 1000 a raba da 1.86 sau 0.012, milimita 6.5, sauran mita ukun gaba ɗaya milimita 3 da kaɗan, jimilla wajen 10. Nan ma gidan da ya tsallake layin shi ya kawo kaso mafi tsoka. In kana tona ka ji warin ruɓa, lakar baƙa ƙirin da zaren saiwoyi a ciki kamar ta tsohon tafki ko magudanar da aka cike, wannan kashin na uku zai iya zama babba sosai, dole a auna shi kai tsaye, a bar nauyin ya daɗe a kan samfurin fiye da awa 24.

Haɗa su: 8 da 25 da 10, milimita 43. Ita kaɗai wannan lambar ba ta da ban tsoro, domin ga ga'ida ɗaiɗaiku a kan laka ana yarda da har wajen milimita 65. Abin da ke tsaga bango shi ne bambanci tsakanin ginshiƙi da maƙwabcinsa. Skempton da MacDonald a 1956 sun nuna tsaga tana fara bayyana in bambancin ya kai 1 cikin 300 na tazarar, a 1 cikin 150 kuma gangar jikin ginin kanta take shiga haɗari, shi ya sa ake tsarawa a kan 1 cikin 500. Toh mu ce akwai ginshiƙin kusurwa a nisan mita 4, nauyinsa 200 kN, kuma an yi masa ga'ida 2 da 2 shi ma saboda katakon zuba kankare ɗaya ake juyawa. Matsinsa na ƙarshe a gidan farko 63.6 ne, bai taɓa 80 ba. In ka bi matakan nan za ka sami 4 ta nan take, 11 ta matsewa bayan ragi, 4 ta baya, jimilla 19. Bambancin 24 ne a cikin milimita 4000, wato 1 cikin 167. Wannan shi ne tsagar da ke tashi a karkace daga kusurwar taga, ƙofa ta fara cijewa a shekara ta biyu, a yi filasta ta sake buɗewa. Gired bim mai ƙarfi, wanda ke ɗaure ginshiƙai da juna a ƙasa, zai rage wani abu amma kada ka ɗora masa duka.

Gyaran ba shi da tsada in an kama shi a takarda. Faɗaɗa ga'idar mai nauyin zuwa 2.5 da 2.5. Yanzu a gidan farko Δσ ya zama 400 a raba da 9, 44.4, matsin ƙarshe 76, ya dawo ƙasa da 80. Matsewar gidaje huɗun ta zama 10, 5.5, 3.2 da 2, wajen 21, bayan ragi 14.5. Ta nan take 6.6, ta baya 4, jimilla 25. Bambanci da na kusurwa ya sauka zuwa milimita 6, kusan 1 cikin 670, ya wuce gwaji. Rabin mita ne aka ƙara a tsawo, rabin mita a faɗi, nitsewa ta faɗo daga 43 zuwa 25. Sai dai 76 da 80 sun yi kusa da yawa, kuma σ'p lamba ce da aka ciro da rula a kan zane, mutum biyu za su iya bambanta da kPa goma. Don haka ni zan nemi samfuri na biyu daga mitar farko ta ƙarƙashin ga'idar, ko in kai faɗin 2.7, kuma in tambayi mai gida tun yanzu ko yana da niyyar ƙara bene nan gaba, domin a nan kowa yana barin sikh a tsaye a saman rufi. Ana gama zuba ginshiƙai a kafa ƙusa a jikin kowanne, a ɗauki lebur daga wata alama tsayayya nesa da ginin, a maimaita duk wata a shekarar farko ana rubutawa. In saukar tana raguwa wata bayan wata lissafinka yana kan hanya, in kuwa ta ƙi raguwa ko wani ginshiƙi ya fara tashi sama, a dakatar da ɗora nauyi a binciki bututun ruwa da ramin masai da ke kusa.